“Ba mu sani ba” ta daina zama hujja

Ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga bango ya tsage a Rana Plaza, wani bene mai hawa takwas a garin Savar, kusa da Dhaka babban birnin Bangladesh. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Teloli kuwa, galibinsu mata, aka ce ko su dawo aiki ko a riƙe musu albashi. Washegari da safe aka ɗauke wuta, aka tayar da manyan janaretoci a sama, ginin ya rufta. Mutum 1,134 suka rasu. A cikin ɓaraguzai aka tsinci tambarin kamfanonin tufafi irin su Primark da Benetton.

Ginin ba na waɗannan kamfanoni ba ne, telolin ma ba su suka ɗauke su aiki ba. To ina ruwansu?

Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2011, waɗanda Farfesa John Ruggie ya tsara, sun riga sun amsa. Kamfani zai bi sawun kayansa har inda ake yin su, ya gano wanda harkarsa za ta iya cutarwa, ya ɗauki mataki, ya koma ya duba ko matakin ya yi amfani, sannan ya faɗa wa jama'a. In da hannunsa a ɓarnar, gyara ya hau kansa.

Abin takaicin shi ne, an taɓa tura masu bincike wasu masana'antun da ke benen, amma takardarsu ba ta tambayi ƙarfin gini ba. A nan ake gane binciken ganin ido: a sanar da ranar zuwa, a yi shara, a yi wa ma'aikata tambaya a gaban manaja. Wa zai yi tari a gaban mai ba shi abinci? Kuma kamfanin da ya matse farashi, ya ce lallai kaya su iso cikin 'yan makonni, shi ya kunna wutar da yake cewa ya zo kashewa.

Bayan hatsarin, kamfanoni sama da 200 sun sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙwadago, aka tura injiniyoyi suna duba ginshiƙai da wayoyin lantarki, ana wallafa sakamakon. A 2017 Faransa ta mayar da wannan nauyi doka a kan kamfanin da ke da ma'aikata 5,000 a gida ko 10,000 a duniya. Sai dai doka daban, samun hukunci daban. Ƙarar da aka kai TotalEnergies a 2019 kan aikinta na man fetur a Uganda, sai a Fabrairun 2023 kotun Paris ta yi watsi da ita kan hanyar da aka bi wajen shigar da ita, ba tare da ta shiga batun gonakin mutanen da aikin ya shafa ba.