Larabci Ba Wasali: Inda Za A Bar Shi, da Inda Barinsa Ke Kawo Ruɗani

Ɗalibin Islamiyya da ya saba karatun Alƙur'ani ba gargada yakan yi turus ranar da aka fara miƙa masa jaridar Larabci irin su Al-Ahram ta Masar. Baƙaƙen duk ya san su, amma babu fataha, babu kisira, babu rufu'a, babu ɗauri. A makarantar allo yaro kan wuce babbaƙu ne ya shiga farfaru, to ga shi manyan marubutan Larabawa kamar sun koma babbaƙu. Haka jaridu da littattafan labari da takardun ofis da saƙon waya suke fitowa, kuma masu su na karantawa cikin sauri.

Wasullan da ma daga baya suka zo. Ana danganta farkonsu ga Abul Aswad Ad-Du'ali, a ƙarni na farko na Hijira, wanda ya riƙa sa ɗigo mai launi a sama ko ƙasa ko gaban baƙi don kare karatun Alƙur'ani daga kuskure. A ƙarni na biyu Khalil ɗan Ahmad Al-Farahidi, malamin Sibawaihi, ya kawo siffofin da aka gina na yau a kansu.

Abin da ya sa Larabci ke iya tafiya ba su shi ne yadda ake ƙera kalmominsa. Yawancinsu daga saiwa mai baƙi uku suke, sannan a zuba saiwar cikin wani awo sananne da ake koya a sarfu. Wanda ya ga كاتب ya san katib ne, marubuci, domin awon mai aikatawa ke nan, kamar yadda مكتوب ba ya karantuwa sai maktub. Dogayen wasulla kuwa galibi ba a zubar da su, tunda da alif da wawu da ya ake rubuta su. Gajerun kaɗai ake bari, kuma a irin waɗannan kalmomi awo ya riga ya faɗe su.

Sauran aikin jimla ce ke yin sa. Baƙaƙen كتب na iya zama kataba, ya rubuta, ko kutiba, an rubuta, ko kutub, littattafai. Amma idan aka ce mutum ya je kanti ya sayi ثلاثة كتب, babu mai tunanin aikatau a wurin, littattafai uku ne.

Wasalin ƙarshen kalma, wato na li'irabi da ɗaliban nahawu ke shan wahala a kansa, shi ne mafi sauƙin bari. Mai karatu a zuci ba ya bukatarsa a mafi yawan jimloli, domin jerin kalmomi ya nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa. Ko masu karanta labarai a rediyo sukan ɗaure ƙarshen kalma idan sun zo tsayawa.

Matsala tana tasowa ne idan baƙaƙe ɗaya suka karɓi karatu biyu, kuma jimlar ta amince da kowanne. A ɗauki gajeren saƙon waya da wani ma'aikacin makaranta zai tura wa shugabansa da safe: وصلت المدرسة. Kalmar farko tana da fuska huɗu: wasaltu, na isa, wasalta, ka isa, wasalti, kin isa, wasalat, ta isa. Ta biyu tana da fuska biyu: madrasa, makaranta, ko mudarrisa, malama. Saƙon na iya nufin “na iso makaranta”, yana kuma iya nufin “malamar ta iso”. Duka biyun daidai suke a nahawu, duka biyun kuma abu ne da shugaban makaranta ke jiran ji da ƙarfe bakwai da rabi.

Ba sai an yi wa saƙon wasali tun daga farko har ƙarshe ba. Idan marubucin kansa yake nufi, rufu'a ɗaya a kan ta ya wadatar: وصلتُ المدرسة. Idan malamar yake nufi, shadda ɗaya a kan ra ta raba gardama: وصلت المدرّسة. Akwai ɗan tarko a nan. Mai son burgewa zai iya sa kisira a ƙarƙashin ta, saboda ƙa'ida ta ce idan ɗauri biyu suka haɗu a karya na farko, sai a karanta wasalatil mudarrisa. To amma wannan kisirar a ido daidai take da ta “kin isa”, don haka ba ta warware komai ba. Shaddar ce ke ɗauke da ma'anar, ita ya kamata a sa.

Wannan ita ce dabarar ƙwararrun editoci: alama guda, a kan baƙin da karatu biyu suka rabu. An fi ganin ta a aikatau da ba a ambaci mai aikata shi ba. A labarin hari, قتل جندي ba ya rikitarwa sosai, domin da sojan ne wani ya kashe a jimla mai mai-aikatawa, da an ga alif ɗin nasabi a ƙarshen kalmar. Amma الرجل الذي قتل أمس na iya zama mutumin da ya yi kisa jiya ko wanda aka kashe jiya. Rufu'a ɗaya a kan baƙin farko, قُتل, ita ke raba mai laifi da mamaci, shi ya sa jaridar da ba ta damu da wasali ba ake yawan ganin ta sa wannan.

Haka abin yake tsakanin mursil, mai aikawa, da mursal, wanda aka aika, waɗanda duka ake rubutawa مرسل. A wasiƙa kuma, لك na namiji da na mace ba su da bambanci sai an sa kisira, kuma mai rubuta wa mace yakan sa ta.

Sunaye su ne inda awo da jimla ba sa taimako ko kaɗan. سليم zai iya zama Salim ko Sulaim. Magabata sun ga wannan tun da wuri, har suka ƙara wa sunan Amru wawu da ba a furtawa, عمرو, don kada a ɗauke shi Umar. Sunayen da ba na Larabci ba kuwa, marubutan yau sukan cika su da dogayen wasulla su huta: Kano takan fito كانو, ko da yake Bahaushe ba ya jan “ka” ɗin. Sunan magani, baƙuwar kalma, ko sunan ƙauye da mai karatu bai taɓa ji ba, gara a yi masa wasali a karon farko da ya bayyana, daga nan a sake shi.

Alƙur'ani, matanin hadisi, waƙa, ƙamus da littattafan yara ’yan firamare suna wajen wannan sassauci, saboda a cikinsu furucin kansa ake son kiyayewa ko koyarwa.

Ajamin Hausa ma bai shiga ba, kuma dalilin yana ƙara fito da ƙa'idar fili. Hausa ba ta gina kalmominta a kan saiwa da awo irin na Larabci, kuma wasullanta biyar ne, har sai da malamai suka aro ɗigon imala na ruwayar Warshu don rubuta “e”. Idan aka tuɓe wa kalmar Hausa wasali aka bar ka da fa kawai, babu awon da zai nuna ko kafa ce, ko kifi, ko kofi. Shi ya sa marubutan ajami suka saba cika rubutunsu da wasali, alhali su ɗin ne ke rubuta wasiƙar Larabci ba ko ɗaya.