Inuwar sanda da sirrin hunturu

A farkon Janairu, lokacin da ake jin ɗumi a bakin murhu a Kano, duniya ta fi kusa da rana: kilomita miliyan 147 ne tsakaninsu. A farkon Yuli kuwa tazarar takan kai miliyan 152. Da nisa ne ke kawo sanyi, ai da a Yuli za mu nemi bargo. Ga shi kuma sa'ad da muke hunturu, mutanen Afirka ta Kudu suna tsakiyar zafi, alhali duniya ɗaya muke hawa.

Dalilin yana ga yadda duniya ta karkata. Ka soke lemo da tsinken tsire, ka ɗan kishingiɗa tsinken, to haka duniya take juyawa, a karkace da digiri 23.5. Tsinken nan ba ya sauya inda ya dosa duk shekara. Saboda haka idan duniya ta zagayo wani gefen rana, rabinta na arewa ne ke rusuna wa rana, bayan wata shida kuma na kudu.

Ba sai ka yarda da ni ba. Kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsakar gida a Kano, ka duba inuwarta da rana tsaka. Wajen 21 ga Disamba za ta miƙe arewa kusan santimita 70, domin rana ta yi ƙasa ta kudu. A ƙarshen Afrilu za ka nemi inuwar ka rasa, ta shige ƙarƙashin sandar. Zuwa 21 ga Yuni ta koma kudu, santimita 20 kacal. Amma sandar ta tsaya cak, in ta ɗan langaɓe awon ya ɓaci.

Me ya haɗa inuwa da zafi? Haska tocila kai tsaye a ƙasa, za ka ga haske ya taru wuri guda da ƙarfi. Karkata ta, hasken nan ya bazu ya dushe. Ranar Afrilu tocila ce a tsaye, ta Disamba a karkace. Ga kuma tsawon wuni, ko da yake a nan bambancin bai fi awa ɗaya da rabi ba. A Landan wunin Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai cika 8 ba, kuma masu azumi a can sun san wannan sarai.

Mai lura zai ce ai a Agusta ma rana na dawowa tsakar ka, me ya sa ba a ƙuna irin ta bazara? Zafin da ya gasa Sahara ne ke jawo iska mai laima daga Tekun Atilantika, gizagizai su tare rana, ruwa ya sanyaya ƙasa. Idan rana ta koma kudu, iskar ta juya, ta taso daga hamada da ƙura da sanyi.