Ma'aikaci ya bar aiki, asusunsa na nan buɗe

A watan Afrilun 2018 wani injiniya ya ajiye aiki a kamfanin Cisco na Amurka. Bayan wata biyar ya shiga na'urorin kamfanin ba da izini ba, ya goge injunan aiki 456, abin da ya tsayar da asusun Webex sama da 16,000, wasu har mako biyu. Ya daɗe da barin ofis, amma hanyar shiga ba ta toshe ba.

A yawancin ma'aikatu rajista biyu ake da su. Sashen albashi ne ya san wanda aka ɗauka da wanda ya tafi. Sashen kwamfuta kuma yana riƙe da kundin masu izinin shiga, galibi Active Directory, wanda imel da fayiloli ke dogaro da shi. Idan babu abin da ya haɗa su, sai an jira wani ya tuna ya aika takarda. Maganin shi ne a sa manhaja ta riƙa kwatanta rajistar biyu kowane dare, ta rufe asusun duk wanda ranar tafiyarsa ta cika.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne kwanan wata. A ce akawu ta bar aiki ran 3 ga wata, ba a kuma rufe lissafin albashi sai ran 25. Idan manhajar na jiran sunanta ya fita daga jerin masu karɓar albashi, ta samu kwana 22 tana iya buɗe fayiloli daga gida. In akwai kuɗin sallama da ba a biya ba, abin ya fi haka tsawo. Saboda haka ranar aiki ta ƙarshe za a bi, a kuma shigar da ita tun ranar da aka karɓi takardar ajiye aiki.

Na biyu, da lambar ma'aikaci ake haɗawa. Suna yana ruɗarwa, domin masu suna ɗaya ba sa ƙarewa a babbar ma'aikata, sai a rufe wanda bai ji ba bai gani ba. Ga yadda ake rufe mai lamba 4471:

```
Get-ADUser -Filter "EmployeeID -eq '4471'" | Disable-ADAccount
```

Wannan umarni rufewa yake yi, ba ya gogewa, don haka in an yi kuskure ana iya buɗewa.

Sai dai rufe asusun a kundin bai gama aikin ba. Microsoft Entra Connect yakan kai canji zuwa Microsoft 365 ne duk minti 30, kuma wayar da take ciki tuni na iya ci gaba da aiki kusan awa guda in ba a soke zamanta ba. Kalmar sirrin da mutane da yawa ke amfani da ita, da 'yan kwangilar da ba sa cikin albashi, duk manhajar kwatanta rajistar ba ta ganin su.

Duk wata a fitar da jerin buɗaɗɗun asusu a aza kan na albashi. Asusun da ba shi da lamba, a nemo wanda zai tsaya masa, in babu a rufe shi a ranar.