Ribar Takarda da Ribar Gaskiya: Yadda Ake Cire Tsadar Kaya Daga Lissafin Jari

Wanda ya sayi fili naira miliyan ɗaya a ƙarshen 2020, ya sayar da shi miliyan biyu a ƙarshen 2024, zai tashi daga wurin cinikin yana murna, masu taya shi murna kuma su ce kuɗinsa ya ninka. A takarda gaskiyarsu ne. Amma in ya shiga kasuwa da miliyan biyun nan, ba za su saya masa abin da miliyan ɗayarsa ta shekaru huɗu da suka wuce za ta saya ba. A lissafin da za mu bi nan gaba, mutumin ya yi asarar kusan kashi 18 cikin ɗari na ƙarfin kuɗinsa, alhali yana ganin riba ya ci.

Dalilin wannan ruɗu shi ne ma'aunin da muke auna riba da shi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Naira kamar mudu ce da ake ragewa a hankali kowace shekara: in ka zuba hatsi da babban mudu, ka kwashe da ƙarami, yawan mudun zai ƙaru ko da hatsin bai ƙaru ba. Don haka duk wanda ke son sanin ko jarinsa ya haihu, dole ya mayar da kuɗin da ya zuba da kuɗin da ya karɓa zuwa ma'auni guda kafin ya kwatanta su.

Abin da ake yin wannan aiki da shi yana nan a fili ga kowa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a Najeriya, wato NBS, tana bin farashin kayan da gidaje ke saye, kamar abinci, haya, sufuri, tufafi da magani, tana kuma fitar da alƙaluman hauhawar farashi kowane wata. Adadin da aka fi yaɗawa a labarai yana kwatanta farashin wannan wata da na irinsa a bara. Saboda haka adadin Disamba yana nuna yadda kaya suka tashi a shekarar gaba ɗaya. Hukumar ta bayar da kashi 15.63 cikin ɗari a Disambar 2021, da 21.34 a ta 2022. A 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki farashin naira a kasuwar canji, adadin ya kai 28.92, sannan ya hau zuwa 34.80 a Disambar 2024.

Kuskure na farko da ake yi shi ne tara waɗannan alƙaluma. In aka tara su za a samu kusan 101, sai a ce kaya sun ninka sau biyu. Amma tsadar kowace shekara a kan farashin da ya riga ya tashi take hawa. Kayan naira 100 sun koma naira 115.63 a ƙarshen 2021, ƙarin 2022 kuma a kan 115.63 ɗin nan aka ɗora shi. Hanyar da ta dace ita ce a ninka:

```
1.1563 × 1.2134 × 1.2892 × 1.3480 = 2.438
```

Ma'anar wannan ita ce abin da naira miliyan ɗaya ke saye a ƙarshen 2020, sai an biya kusan naira 2,438,000 kafin a same shi a ƙarshen 2024. Wannan adadi shi ne mizanin duk wani jari da aka zuba a tsakanin lokutan biyu. Mai fili ya karɓi miliyan biyu, in aka raba su da 2.438 za a samu kusan naira 820,000 a kuɗin 2020, daga nan asararsa ta kashi 18 ta fito. Wanda kuwa ya ajiye miliyan ɗayarsa a akwati bai taɓa ta ba, abin da ya rage masa bai wuce ƙarfin naira 410,000 ba.

Mu gwada wannan mizani a kan jarin da aka yi ta yabawa a waɗannan shekaru, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya da ke Legas. Babban ma'auninta, wanda ke bin farashin hannayen jarin dukan kamfanonin da ke cikinta, ya rufe 2020 a kan maki 40,270, ya rufe 2024 a kan 102,926. Wanda jarinsa ya bi sawun ma'aunin daidai, miliyan ɗayarsa ta zama kusan naira 2,556,000, ƙarin da ya kusa kashi 156 cikin ɗari. Duk wanda ya ga wannan adadi zai ce an yi babban kamu.

A nan ne kuskure na biyu ke shigowa, wato ɗebe tsada daga riba. Mutum zai ce riba 156, tsada 144, saura 12. Ɗebewa tana kusa da daidai ne a inda farashi ke tashi da kashi biyu ko uku a shekara, amma in tsada ta yi yawa sai ta ba da amsar da ta zarce gaskiya, domin ita kanta ribar da ta rage da raunanan kuɗi aka biya ta. Abin da ake yi shi ne rabawa, kuma dangantakar da ke ƙarƙashin wannan lissafi an fi saninta da sunan masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Irving Fisher:

```
2,556,000 ÷ 2.438 = 1,048,000
```

Ribar gaskiya ta shekaru huɗu ke nan: kusan naira 48,000 a kuɗin 2020, wato ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, ko kashi ɗaya da 'yan kai a kowace shekara. Jarin ya tsare wa mai shi ƙarfin kuɗinsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne in aka duba halin da mai akwati ya shiga, amma bai mayar da shi attajiri ba.

In aka bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, hoton yana ƙara fitowa. A 2021 kasuwar ta tashi da kashi 6, tsada kuma ta haura 15, don haka mai jari ya yi asarar kusan kashi 8 a zahiri. A 2022 kasuwar ta tashi da kusan kashi 20, adadin da ya yi kyau a jarida, amma ya ɗan gaza tsadar shekarar, aka tashi da asarar kashi ɗaya. Shekarar 2023 ce ta ceci lissafin, domin tashin kashi 45.9 ya bar ribar gaskiya ta kusan kashi 13. A 2024 kuma tashin kashi 37.65 ya bar kashi 2 kacal. Shekaru huɗu da kowacce aka kira ta shekarar riba, biyu daga cikinsu asara ce.

Wannan lissafi bai cika ba tukuna, kuma adalci ne a faɗi abin da ya bari. Ma'aunin kasuwar farashin hannun jari kawai yake bi, bai haɗa da rabon riba da kamfanoni ke biyan masu hannun jari ba. Wanda ya karɓi wannan rabo, ribarsa ta fi wadda muka samu. A ɗaya ɓangaren, ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga rabon kafin ya iso hannu, dillali ma yana ɗaukar la'adarsa wajen saye da sayarwa. Haka yake ga mai fili: kuɗin takardu, la'adar dillalai da kuɗin zagaye fili duk suna cikin abin da ya zuba. Ƙa'idar ita ce a fara tantance abin da ya fita daga aljihu da abin da ya shigo, sannan a cire tsada.

Lokacin da kuɗi ya shiga ko ya fita shi ma yana da nasa lissafin. In mai fili ya kashe naira 300,000 wajen zagaye shi a ƙarshen 2022, ba za a ninka wannan kuɗi da 2.438 ba, tunda shekaru biyu kawai ya yi a ciki. Za a ninka shi da tsadar 2023 da ta 2024, wato 1.2892 sau 1.3480, wanda ya ba da kusan 1.738, sai ya zama kamar naira 521,000 a kuɗin ƙarshen 2024. Kowane biya da kowace karɓa, ko kuɗin haya ne ko rabon riba, ana ɗauko shi daga ranarsa a kawo shi rana guda da sauran. Shi ya sa rubuta kwanan wata kusa da kowane adadi yake da amfani daidai da rubuta adadin kansa.

Su ma alƙaluman hukuma suna da iyakarsu. Matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, kuma ba kowane gida ne ke kashe kuɗi iri ɗaya ba. A Disambar 2024, lokacin da tsadar gaba ɗaya take kashi 34.80, ta abinci kaɗai ta kai 39.84. Gidan da abinci ke cinye mafi yawan kuɗinsa ya ji tsadar fiye da yadda matsakaicin ya nuna. Wanda kuma yake tara kuɗi don abu guda, kamar gini ko kujerar aikin Hajji, ya kamata ya ƙara auna jarinsa da farashin abin da yake nufi: buhun siminti nawa kuɗin ke saye a ranar da ya zuba su, nawa suke saye yau.

Akwai kuma tarko ga mai son tsawaita lissafin zuwa bayan 2024. A farkon 2025 hukumar ta sabunta kwandon kayan da take aunawa, ta sauya shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, adadin Janairun 2025 ya fito kashi 24.48. Saukowa daga 34.80 ba ta nufin kaya sun yi araha a wata guda, hanyar awo ce ta canja. Lambobin tsohon ma'auni da na sabon ba a raba ɗaya da ɗaya kai tsaye. Ana lissafa kowane zango da nasa ma'aunin, sannan a ninka sakamakon. Ko a lokacin da adadin ya sauko don kansa, saurin tashin farashi ne ya ragu, farashin bai koma inda ya fito ba.

Inda wannan lissafi ya fi taɓa rayuwa shi ne wajen yanke shawarar nawa za a ci daga riba. Ɗan kasuwar da ya fara shekarar 2024 da jarin miliyan biyar, ya rufe ta da miliyan shida da rabi, zai ga ribar miliyan ɗaya da rabi. Amma in kayan shagonsa sun tashi daidai da matsakaicin ƙasa, yana buƙatar naira 6,740,000 kafin ya cika shagon kamar yadda yake a Janairu. In ya ɗauki miliyan ɗaya da rabin nan ya kashe a gida, uwar kuɗi ya ci, kuma zai gane hakan ne sa'ad da ya je sari ya ga kuɗin sun kasa ɗauko yawan kayan bara. Abin da ya halatta a kira riba, a raba wa abokan hulɗa ko a kashe da kwanciyar hankali, shi ne abin da ya rage bayan an ware kuɗin da zai mayar da jari ƙarfinsa na farko.