Yadda Sakatare Zai Rubuta Ƙuduri da Sakamakon Ƙuri'a

Yawancin rigimar da ke tashi a ƙungiya bayan an watse daga taro, tushenta layi guda ne a littafin sakatare: "An tattauna batun kuɗin wata, an kuma amince." Da me aka amince? Wa ya kawo maganar? Mutum nawa suka yarda? Littafin bai faɗa ba, sai kowa ya riƙe abin da kunnensa ya jiye masa.

A ɗauki misalin ƙungiyar manoma da mutum 24 suka halarci taronta. Ma'aji ya miƙe ya nemi a ƙara kuɗin wata. Kafin a shiga muhawara, sakatare zai rubuta ƙudurin kalma bayan kalma, ya karanta shi a bainar jama'a har mai ƙudurin ya ce haka yake nufi: "A ƙara kuɗin wata daga naira 500 zuwa naira 1,000, daga watan Janairu mai zuwa." Adadin kuɗin da lokacin farawa dole su fito a cikin jimlar, domin a kansu za a yi gardama gobe.

Daga nan sai cikakken sunan wanda ya gabatar, da na wanda ya mara masa baya. Laƙabi kaɗai ba ya wadatarwa, don "Alhaji" na iya zama mutum biyar a zaure ɗaya. Mara baya kuwa na nufin mutum ya yarda a tattauna batun, yana iya ƙin zaɓensa daga baya. A inda dokar ƙungiya ta wajabta mara baya, in ba a samu kowa ba, sai a rubuta cewa ƙudurin ya faɗi saboda haka.

Idan wani ya nemi a mai da kuɗin naira 800, wannan gyara ce. Ana rubuta ta daban da nata sunaye biyu, a fara kaɗa ƙuri'a a kanta, sannan a koma kan ƙudurin.

Wajen sakamako, a faɗi yadda aka yi zaɓen, ɗaga hannu ne ko takarda, sannan a kawo alƙaluma: masu goyon baya 15, masu adawa 6, waɗanda suka ƙaurace 3. A haɗa su nan take. In ba su kai 24 ba, ko dai wani ya fita ko an yi kuskuren ƙirga.

Alƙaluman nan su ne ke raba gardama. In doka ta ce sai kashi biyu bisa uku na mahalarta, ana buƙatar 16, ƙudurin ya faɗi ke nan. In kuwa na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ne, wato 21, to 14 sun isa, ya wuce. Saboda haka sakatare ya rufe da hukuncin da shugaban taro ya furta da bakinsa: an zartar, ko an yi watsi da shi.