Daƙiƙa uku na farko da ɗinkin ƙarshe: yadda gajeren bidiyo ke riƙe mai kallo

Ku ɗauki agogon waya ku auna wannan gaisuwa: "Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu, jama'a barkanmu da warhaka." Ko da sauri kuka faɗe ta, sai ta haura daƙiƙa uku. A zaure ko a aji wannan ladabi ne da ba a tsallake shi. Amma a TikTok ko YouTube ko Facebook, mai kallo bai zo wurinku ba, wucewa yake yi, yatsansa na kan gilashin waya. Kafin ku kai "wabarakatuhu" ya ture ku sama.

Mu ɗaliban jami'a da muka taso tsakanin Ikara, Maƙarfi da Kudan muna ganin yadda ƙannenmu na sakandare ke ɗora gajerun bidiyoyi kashi-kashi, wani kan darasi, wani kan sana'ar gidansu. Da yawa abin da ke ciki mai kyau ne, amma farkonsu da ƙarshensu ke kashe su. Abin da muke so ku riƙe shi ne: farko da ƙarshe ba abu biyu ba ne, ɗinki ɗaya ne, kuma tare ake tsara su tun kafin a kunna kyamara.

Me ya sa uku?

A baya, Facebook ya shafe shekaru yana ƙirga bidiyo a matsayin wanda aka kalla idan ya yi daƙiƙa uku yana tafiya, shi ya sa masu harkar suka riƙe wannan adadi. Ba wata doka ba ce daga sama, kimanin lokacin da mutum ke ɗauka ne ya yanke ko zai tsaya. TikTok kuma ya bayyana a 2020 cewa kallon bidiyo har ƙarshensa alama ce mai nauyi wajen zaɓar abin da zai tura wa mutane. Wanda ya tsere a daƙiƙa ta biyu ba zai taɓa kai wa ƙarshe ba, don haka manhajar sai ta rage nuna bidiyon ga wasu.

A daƙiƙa uku, baki ba ya iya furta fiye da kalma bakwai ko takwas a natse. Waɗannan kalmomi, da hoton farko, da ɗan rubutun da ke kan hoton, su ne muke kira ƙugiya. Aikinta ɗaya ne: ta jefa tambaya a zuciyar mai kallo, wadda ba zai samu amsarta ba sai ya tsaya.

Mu gwada da mazarƙwaila

Maƙarfi da Kudan ƙasar rake ce, kuma da yawanku kun san wurin da ake dafa mazarƙwaila. A ce kuna son yin shiri mai kashi biyar a kan wannan sana'a, kowane kashi daƙiƙa 24. Ga yadda akasari ake farawa: gaisuwa, sai sunan mai shiri, sai "yau za mu kai ku wani wuri," sai hoton hanya daga bayan babur. Daƙiƙa goma sun tafi ba a ga ko sandar rake ba.

Yanzu mu juya shi. Hoton farko: dunƙulen mazarƙwaila ya faɗo daga kwano zuwa kan faranti, kusa da kyamara, har ana jin ƙararsa. Murya ta ce: "Wannan dunƙulen, ɗazu ruwan rake ne." Kalma shida. A saman hoton an rubuta: "Rake zuwa mazarƙwaila, kashi na 1." Mai kallo ya ga motsi, ya ji sauti, kuma tambaya ta shiga ransa: yaya aka yi ruwa ya zama dutse?

Daga daƙiƙa ta 3 zuwa ta 8, a nuna rake yana shiga injin matsa, ruwa na zuba. A nan ne wurin sallama, gajeriya, domin wanda ya kai nan ya riga ya zauna, kuma ba ku yar da ladabi ba. Daga ta 8 zuwa ta 15, ruwan na tafasa a babban kasko, ana kwashe kumfa. Daga ta 15 zuwa ta 20, ya yi kauri ya koma ja, ana zuba shi a ƙananan kwanoni. Kun ga kowane hoto yana biyan wani yanki na bashin da ƙugiya ta ɗauko. Saura daƙiƙa huɗu, kuma a nan dabara ta biyu take.

Tatsuniya ba ƙurunƙus

Kakanninmu kan rufe tatsuniya da "ƙurunƙus," kowa ya san an gama, a tashi a kwanta. Gajeren bidiyo kuwa ba ya tsayawa. Idan ya ƙare sai ya sake farawa da kansa. Manhajar Vine, wadda ta fito a 2013 da bidiyoyi masu daƙiƙa shida, ita ta yayata wannan salo, har tana nuna sau nawa kowane bidiyo ya zagayo. An rufe ta a 2017, amma salon ya zauna. Idan kuka ce "to jama'a, sai mun haɗu a kashi na gaba," kun faɗi ƙurunƙus, yatsa zai motsa tun kafin ku rufe baki. Idan kuwa ƙarshen ya shige cikin farkon ba tare da an ga gaɓa ba, kun ƙulla zobe, mai kallo zai tsinci kansa a zagaye na biyu.

Ga yadda ake ƙulla shi. A ɗauki kifewar kwanon a ɗauka ɗaya, ba tsayawa: hannu ya ɗauki kwano, ya kife shi, dunƙule ya faɗo. A manhajar tace bidiyo irin su CapCut, a kai layin yanka daidai lokacin da dunƙulen ya fara rabuwa da kwano, a danna `Split`. Yanki na biyu, wato faɗowar, a kai shi farkon bidiyo. Yanki na farko, wato ɗaukar kwano da kifewa, a kai shi ƙarshe. Tunda asali hoto ɗaya ne aka raba, idan bidiyon ya zagayo sai su haɗu cif.

Haka ake yi wa magana. A rubuta jimla ɗaya: "Idan ya huce aka kife kwanon, abin da zai faɗo shi ne wannan dunƙulen, ɗazu ruwan rake ne." A naɗe ta da numfashi ɗaya, sannan a yanke ta bayan "shi ne." Gaban ya tafi ƙarshen bidiyo, bayan ya tafi farko. Ku lura da sharaɗi guda: rabin da ya tafi farko dole ya iya tsayawa shi kaɗai, domin wanda ya fara kallo bai ji ɗaya rabin ba tukuna.

Inda ɗinki ke ɓallewa

Abu uku ne suka fi tona asirin gaɓa. Na farko haske: idan kun ɗauki farkon da hantsi, ƙarshen da la'asar, launi zai yi tsalle. Shi ya sa muka ce ɗauka ɗaya a raba biyu. Na biyu sauti: idan rurin inji yana ƙarshe amma babu shi a farko, kunne zai ji yankan ko ido bai gani ba. Na uku wutsiya: ɗan shirun da ke biyo bayan kalmar ƙarshe, ko baƙin hoto mai tambari da CapCut kan liƙa a ƙarshen aiki. Ku goge shi, ku datse shirun. Kafin ku ɗora, ku bar bidiyon ya zagayo sau uku, ku miƙa wa wani a gida ku tambaye shi inda ya ƙare. Idan ya yi jinkirin nunawa, ɗinki ya kama.

To, kashi na biyu fa?

A nan masu shiri kashi-kashi ke shiga tsaka mai wuya. Zobe yana mayar da mutum baya, ku kuma kuna so ya wuce gaba. Mafita ita ce kada ku ɗora wa daƙiƙar ƙarshe kaya biyu. Ku bar mata zoben, sannan ku dasa tambayar kashi na gaba a tsakiya. Lokacin da ake kwashe kumfa, rubutu ya fito: "Da me ake hura wutar nan? Kashi na 2." Amsar ita ce busasshiyar tuƙar raken da aka matse, kuma ita ce ƙugiyar kashi na biyu.

Ku kuma tuna cewa manhaja ba ta bin jeri. Wani da kashi na huɗu zai fara cin karo. Don haka kowane kashi yana buƙatar ƙugiyarsa, kada ya fara da "kamar yadda muka faɗa jiya." Lambar kashi ta zauna a wuri ɗaya da launi ɗaya, a sama-sama, domin ƙasa da gefen dama maɓallan manhaja sun rufe su.

Yadda za ku gane ta yi

Yawan kallo kaɗai ba ya faɗin gaskiya. Tun ƙarshen Maris 2025, YouTube ke ƙirga kowace farawa da kowace zagayowa ta gajeren bidiyo a matsayin kallo, ko da mutum bai tsaya ba. Ku duba wasu alƙaluman. A YouTube Studio, `Swiped away` yana nuna kason waɗanda suka ture bidiyon. Idan ya yi yawa, ƙugiya ce ba ta kama ba. A TikTok ku duba `Average watch time`, wato matsakaicin lokacin kallo, ku raba shi da tsawon bidiyon. A misalinmu mai daƙiƙa 24, idan ya nuna 12, mutane rabi suke kallo. Idan ya nuna 30, kashi 125 cikin 100 ke nan, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da masu zagayowa. A kashi na gaba ku canza abu ɗaya kawai, ko hoton farko ko jimlar farko, don ku san wanne ya yi aiki.

Iyakar dabarar

Ƙugiya bashi ce. Wanda ya rubuta "abin da ya faru a kasuwar Maƙarfi zai girgiza ku," sannan ya nuna tulin rake kawai, zai samu daƙiƙa ukunsa, amma mai kallo ba zai nemi kashi na biyu ba. Zobe ma ya fi kama gajeren abu. Wanda ya kalli minti biyu da wuya ya sake zama. Sannan wurin dafa mazarƙwaila wurin neman abincin mutane ne: ku nemi izinin mai shi, kada ku nuna fuskar wanda bai yarda ba, ku kuma yi nesa da kasko da bakin inji.

Akwai kuma ribar da ta wuce ɗora bidiyo. Yanzu kun san cewa idan kuka kalli abu sau uku ba ku ankara ba, data na zuba, littafi na buɗe a gefe, ba tsautsayi ba ne: wani ne ya zauna ya ɗinke gaɓar don kada ku ganta. A daren nan ku zaɓi bidiyo guda da ya riƙe ku, ku ƙirga kalmominsa na daƙiƙa uku na farko, sannan ku nemo inda aka yanka shi.