Robar PETG: Manne wa Faranti da Gudaji a Jikin Aiki

Duk wanda ya fara aiki da firintar 3D, kusan da robar PLA yake farawa, domin ita ce mai sauƙin kai. Sai dai PLA tana fara laushi da zarar zafi ya kusa digiri 60, kuma motar da aka ajiye a rana cikin watan Afrilu, gaban gilashinta kan kai haka. Mariƙin waya da aka buga da PLA sai a dawo a tarar ya lanƙwashe. Wannan ne ke tura mutane wajen PETG, wadda ba ta fara laushi sai wajen digiri 80. 'Yar gida ɗaya ce da robar PET da ake yin gorar ruwa da ita, an ɗan sauya haɗinta ne don ta yi sauƙin narkewa da bugawa. Tana da ƙarfi, ba ta saurin tsagewa, ruwa ba ya damunta. Amma tana zuwa da halaye biyu masu ban haushi: ta kama faranti ta ƙi saki, sannan ta bar gudaji da ɗigo-ɗigo a jikin abin da aka buga.

Mutane kan ɗauki waɗannan a matsayin matsaloli biyu, alhali mafi yawan lokaci tushensu ɗaya ne. Idan PETG ta narke, danƙo gare ta, kuma ba ta zaɓen abin da za ta liƙe wa. Tana kama farantin da ake bugawa a kai, tana kuma kama nozul, wato ɗan bakin tagullar da narkakkiyar robar ke fitowa ta cikinsa. Wanda ya saba da PLA ya koyi matso da nozul kusa da faranti sosai, don layin farko ya danne ya zauna. Idan ya yi wa PETG haka, ya jawo wa kansa abu biyu a lokaci guda. Robar da aka danne takan shige cikin fuskar farantin ta zama kamar jiki ɗaya da shi, rarar da ta rasa wurin zama kuma ta tattaru a gefen nozul, ta yi ta yawo da shi har ta ƙone, can a tsakiyar aiki ta faɗo.

Mu ɗauki misali da Ender 3 V2 ta kamfanin Creality, wadda ke zuwa da farantin gilashi da nozul mai ramin milimita 0.4. A ce mutum yana son buga mariƙin wayar nan da PETG, ya sa nozul a digiri 245, faranti a 85, ya bar tazarar da ya saba da ita. Aiki ya ƙare, ya ja, ya ƙi tashi. Ya sa wuƙa ya ɓamɓara, sai ga ɓallin gilashi manne a ƙasan abin. Wannan sanannen abu ne ga masu PETG, kuma ba gilashi kaɗai yake samu ba. Farantin ƙarfe mai santsi da aka lulluɓe da robar PEI shi ma PETG kan yage masa fata, ta bar masa tabon da ba ya gyaruwa.

Maganin farko yana da ban dariya: a shafa gam. Irin gam ɗin nan mai kama da jan-baki da ake manna takarda da shi, a shafa shi siriri a inda aikin zai zauna. Da PLA ana shafa shi ne don ya riƙe. Da PETG kuwa shi ne shamaki, robar ta kama gam maimakon gilashi, idan an zo cirewa gam ɗin ne zai rabu, ragowarsa kuma ruwan ɗumi ya wanke. A nan ne tsafta kan yi wa mutum illa, domin farantin PEI mai santsi da aka goge fes da sifirit shi ne PETG ta fi kamawa. Wanda ke da halin sayen faranti mai gautsin fuska, mai kama da yashi-yashi, ya huta da yawan shafe-shafe. Kamfanin Prusa ma irinsa yake ba da shawarar a yi amfani da shi ga PETG, saboda robar ba ta samun shimfiɗaɗɗen wuri da za ta liƙe gaba ɗaya.

Daga nan sai tazara. A allon na'ura akwai `Z offset`, wanda ke ɗaga nozul ko sauke shi daga faranti. A ɗaga shi da milimita 0.02 zuwa 0.05 sama da yadda ake yi wa PLA. Idan lambar tana kan -1.20, a mayar da ita -1.15, a kula, rage girman lambar mai alamar ragi shi ne ɗagawa, kuma nan mutane ke yawan juya abin. Ido ne alƙali. Layin farko mai kyau, zarurrukansa suna taɓa juna, samansu a ɗan shafe, ba rami tsakaninsu. Idan an ga tudu-tudu masu kaushi tsakanin zarurruka, ko robar ta yi siriri har ana hango faranti ta cikinta, nozul ya yi ƙasa da yawa. Idan zarurrukan sun rabu, ana iya ɗaga su da farce, an wuce gona da iri, a sauko kaɗan. Zafin faranti kuma a dawo da shi 70 zuwa 75, musamman ga ƙananan abubuwa waɗanda gefensu ba ya barazanar ɗagowa.

Sauran aikin haƙuri ne. Kada a taɓa abin sai farantin ya huce ya koma zafin ɗaki. Roba da gilashi ba sa ƙanƙancewa daidai da juna, don haka yayin hucewa da kansu suke sakin juna, wani lokaci har a ji ɗan ƙas-ƙas. Mai fincikewa da zafi shi ke sayen sabon faranti.

Idan an gyara layin farko, kaso mai yawa na gudajin ya tafi. Waɗanda suka rage kuwa, kamanninsu ne ke faɗin inda suka fito, kuma ya fi kyau a tsaya a dube su kafin a fara murɗa lambobi.

Gudaji manya, masu launin ƙasa-ƙasa ko baƙi, da ke faɗowa ba tsari, daga jikin nozul suke. Roba ce ta yi yawa. A manhajar da ke yanka aiki zuwa layuka, Cura tana kiran saitin `Flow`, PrusaSlicer kuma `Extrusion multiplier`. Ana iya auna shi ba tare da zato ba. A buga ɗan akwati mai bango ɗaya tak, a sa faɗin layi milimita 0.45, sannan a auna bangon da kalifa. Idan ya fito 0.48, a raba 0.45 da 0.48, ana samun kusan 0.94, sai a sa `Flow` a kashi 94 cikin ɗari. A ganina PETG ta fi son a ɗan rage mata a kan a cika mata, domin raguwa kaɗan ba ta bayyana, amma rara kaɗan nozul zai kwashe. Haka nan cikon cikin aiki: tsarin `Grid` yana sa nozul ya ratsa ta kan layin da ya riga ya zuba, yana gogar roba yana tarawa, shi kuwa `Gyroid` ba ya ratsa kansa a layi guda. Kafin kowane aiki a ɗumama nozul a goge shi da burushin tagulla, a kuma tabbata rigar silikon da ke rufe kan na'urar tana nan.

Ƙananan ƙuraje da ke warwatse ko'ina, tare da zare-zare kamar yanar gizo-gizo, galibi danshi ne. PETG tana shan ruwa daga iska. Ruwan da ya shiga filamen, wato igiyar robar, yakan tafasa a cikin nozul, a ji yana tas-tas, ya riƙa tunkuɗo roba ba da izini ba. Shi ya sa naɗin da ya yi aiki lafiya da hunturu zai iya rikicewa a watan Agusta ba tare da an taɓa komai ba. A busar da shi a digiri 65 na awa 4 zuwa 6 a na'urar busar da filamen, a adana shi a leda mai rufewa tare da 'yan ƙunshin silika. Babu saitin da ke gyara jiƙaƙƙen filamen, don haka da wannan ya kamata a fara kafin a zargi na'ura.

Idan kuwa ɗigon ya jeru a layi ɗaya daga ƙasa zuwa sama, wurin ɗinki ne, inda kowane zagaye ke farawa ya ƙare. Nozul ya tsaya, amma matsin da ke cikinsa bai tsaya ba, roba ta ci gaba da tsiyaya. A nan zafi ne na farko. Kwalin filamen kan rubuta 230 zuwa 250. A sauko da digiri biyar-biyar daga 245 har ɗigon ya ragu, amma a riƙa karya ɗan gwajin da hannu, domin idan zafi ya yi ƙasa da yawa layukan ba sa haɗewa. Na biyu shi ne ja-baya, `Retraction Distance`. Na'ura irin Ender 3 V2, wadda ke turo filamen ta dogon bututu, takan so milimita 4 zuwa 6. Wadda injin turawarta ke kan nozul kai tsaye, milimita 1 zuwa 2 ya ishe ta. A ja a hankali, kamar milimita 25 zuwa 35 a daƙiƙa. Ƙara ja-baya fiye da haka ba ya ƙara tsafta, toshe nozul yake yi. Abin da ya rage na ɗinkin, a tura shi kusurwa ko bayan aikin ta `Z Seam Alignment`. Fanka kuma a kashe ta a layuka biyu ko uku na farko, sannan a bar ta tsakanin kashi 30 da 50. Idan an sake ta gaba ɗaya, fuska za ta yi kyau amma ƙarfi zai ragu.

Akwai wani nau'in ɗigo da ba laifin PETG ba ne, ko da yake ita ta fi nuna shi. Na'urori da yawa masu tsarin Marlin suna da dabarar ci gaba da aiki bayan an ɗauke wuta. Don yin haka sukan rubuta inda suka kai a katin ajiya lokaci-lokaci, kuma idan katin mai nauyin aiki ne, kan na'urar yakan ɗan dakata, roba ta ɗiga a wurin. Ana gane shi da ganin na'urar tana ɗan tsayawa a tsakiyar tafiya. Ana kashe dabarar da umarni ɗaya a farkon aiki, idan tsarin na'urar ya yarda da shi:

```
M413 S0
```

A wurin da wuta ke zuwa tana tafiya, kashe wannan ba ƙaramar kasada ba ce: aikin awa goma zai iya tashi a banza. Mai inbata ko sola ya kashe ta hankali kwance. Wanda ya dogara da wutar gari kuwa, gara ya fara sauya katin da mai sauri, ya bar dabarar a kunne, 'yan ɗigon da suka rage ya kankare su da reza.